Yadda Mutum Biyu Za Su Riƙe Kujerar Aiki Ɗaya: Misalin Ofishin Kuɗin Makaranta

Akwai mai shayarwa da ba za ta iya barin gida kwana biyar a jere ba, akwai mai karatu a jami'a da laccocinta suka cika mata Litinin da Talata, akwai mai jinyar mahaifiya. Duk sun iya aiki kuma suna bukatar albashi, amma cikakken mako ya fi ƙarfinsu. Hanya ɗaya da ke fitar da irin waɗannan ita ce mutum biyu su ɗauki kujera ɗaya, su raba kwanakinta da albashinta, wannan ta tashi waccan ta zauna. Zan bi tsarin daki-daki da misalin ofishin karɓar kuɗi na makaranta mai zaman kanta, domin a wurin ne komai ya haɗu: tsabar kuɗi, rasit, alƙawuran iyaye, da maganganun da ake farawa yau ba a ƙare su sai jibi. Zan yi maganar kamar mata biyu ne, amma maza ma haka za su bi.

Wannan tsari ya sha bamban da aikin safe da na dare da ake yi a asibiti ko gidan mai, inda kowa ke da cikakken gurbinsa. A nan gurbi ɗaya ne, nauyinsa ɗaya, kuma mai makaranta da iyayen yara suna sa ran ofishin zai yi magana da baki ɗaya ko wace ce suka tarar. Saboda haka mafi yawan wahalar tana wajen miƙa aiki, kuma nan zan fi daɗewa.

Mataki na farko: ku zazzage aikin a takarda

Kafin a je gaban kowa, ku zauna da takarda ku rubuta duk abin da mai wannan kujera ke yi daga ranar buɗe makaranta har ranar hutu. Karɓar kuɗin makaranta da rubuta rasit, duba kuɗin da aka turo ta banki, kai tsabar kuɗi banki, sayar da yunifom da littattafai, fitar da kuɗin ƙananan bukatu irin su alli da man janareta, bin iyayen da ake bi bashi, haɗa takardar albashin malamai a ƙarshen wata, da rahoton da ake kai wa mai makaranta.

Daga nan ku ware su gida biyu. Gida na farko ayyukan da duk wadda ke kan kujera za ta yi ta gama a take, kamar rubuta rasit ko sayar da littafi. Gida na biyu ayyukan da ke ɗaukar kwanaki kuma hannu biyu ke lalata su. Takardar albashi tana nan, haka daidaita littafin ofis da bayanan banki a ƙarshen wata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan a ba shi mai shi guda. Idan ɗaya ta ɗauki albashi, ɗayar ta ɗauki daidaita lissafin banki, kuma kowace ta duba aikin 'yar uwarta kafin a sa hannu. Aikin da aka ce "namu ne duka" shi ne wanda ranar 28 ga wata za a tarar babu wadda ta taɓa.

Idan kun ga gida na biyu ya rinjayi na farko nesa ba kusa ba, wato kusan komai yana bukatar mutum ɗaya ya bi shi daga farko har ƙarshe, to wannan kujerar ba ta raba ba ce, gara a haƙura tun da wuri.

Mataki na biyu: zaɓen abokiyar zama

Zumunci ba ya cikin sharuɗɗan. Abin dubawa uku ne: ku zama kun kusa da juna a iya aikin, lokutan da kuke da sarari su saɓa, kuma kowace ta zama mai rubuta abu ba sai an matsa mata ba. Idan dukanku ranar Laraba kuke da uzuri, ko dukanku yara ɗaya kuke ɗaukowa ƙarfe biyu, tsarin ya mutu tun bai fara ba. Ni kam na fi son a haɗa mutum biyu da za su iya ce wa juna "Yaya, lissafin nan bai cika ba" ba tare da an kwana ana gaba ba. Inda kunya ta yi yawa, kamar tsakanin mace da surukarta ko yarinya da wadda ta raine ta, ƙaramar za ta riƙa haɗiye gyara, ranar da abin zai fito kuwa ya riga ya girma.

Mataki na uku: rabon mako da lissafin albashi

Ana iya raba kowace rana safe da yamma, ana iya yin mako guda-guda, ana iya raba makon gida biyu. A ofishin kuɗi na ukun ya fi. Rabon safe da yamma yana nufin ƙirga kuɗi sau biyar a mako da kuɗin mota kullum ga kowace. Mako guda-guda kuma yana sa mutum ya dawo ya tarar da abubuwa sun yi masa nisa.

Mu ɗauka ofishin yana buɗewa ƙarfe 8 na safe ya rufe ƙarfe 4 na yamma daga Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a kuma a tashi ƙarfe 12. Awa 36 ke nan a mako. Wanda bai yi lissafi ba zai ce a raba Laraba daga tsakar rana, amma hakan zai ba ta farkon mako awa 20, ta ƙarshen mako awa 16, saboda gajartar Juma'a. Ga rabon da ya daidaita: ta farko ta yi Litinin da Talata cikakku, ranar Laraba ta zo ƙarfe 8 ta tashi 10:30. Ta biyu ta iso Laraba ƙarfe 9:30 ta kai 4, ta yi Alhamis da Juma'a. Kowace ta samu awa 18 da rabi, kuma daga 9:30 zuwa 10:30 na Laraba suna tare a ofis. Wannan awa ɗayar ita ce ta miƙa aiki, kuma dole a biya ta.

Idan albashin kujerar naira 120,000 ne a wata, rabin kowace 60,000 ne a kan awa 18. Da ƙarin rabin awar ya koma kusan naira 61,700. Abin da ya ƙaru a kan mai makaranta bai kai naira 3,500 a wata ba. Ku faɗa masa wannan adadi da bakinku tun farko, kada ya gano shi daga baya ya ji kamar an yi masa dabara.

Awanni daidai ba sa nufin wahala daidai. Litinin ta fi kowace rana cunkoso, domin iyaye sukan haɗa kuɗi a ƙarshen mako, kuma ranar ce aka fi korar yara a kan bashi. Idan yanayinku ya ba da dama, ku riƙa musayar rabin mako kowane zango. Makonni biyu na farkon zango kuma, lokacin da layi ke kaiwa bakin ƙofa, ku nemi a amince ku biyu ku riƙa zuwa da safe, a biya awannin da suka ƙaru a kan lissafin awa.

Akwai miƙa aiki na biyu da mutane ke mantawa da shi: daga Juma'a zuwa Litinin. A wannan ba ku haɗuwa, saboda haka ta Juma'a za ta rufe lissafinta gaban shugaban makaranta ko wanda ya wakilta, su sa hannu tare, ta bar littafi a cike. Ta Litinin kuma ta sake ƙirgawa gaban wannan shaidar kafin ta karɓi ko sisi daga hannun kowa.

Mataki na huɗu: takarda daga mai makaranta

Ku je da shafi ɗaya da ke ɗauke da jadawalin, rabon ayyukan, da ƙarin kuɗin. Ku nemi gwaji na zango ɗaya. Tsoron mai makaranta sananne ne: wa zan kama idan kuɗi ya ɓata, kuma me zan yi idan ɗaya ta tafi? Ku tanadi amsar duka biyun.

Kowace ta karɓi takardar ɗaukar aiki tata, da sunanta, awanninta da albashinta, kuma a biya kowace a asusunta. Kada ku yarda a ɗauki ɗaya a rubuce, ita kuma ta riƙa yanka wa ɗayar daga albashinta. Wadda ba ta cikin takarda ba ta da hujjar komai ranar da aka saɓa, wadda ke ciki kuma ita kaɗai za ta ɗauki laifin kwanakin da ba ta ma zo ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce daga ranar da ya fara, saboda haka neman takarda ba rashin kunya ba ne.

Rubuta albashi ƙarara ya fi muhimmanci ga mai rabin lokaci. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ta cire masu aikin rabin lokaci, ta kuma cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ke nan abin da ke kare ku shi ne abin da aka rubuta a takardarku. Idan makarantar tana cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki kashi 10, a rubuta cewa za a lissafa wa kowace a kan nata albashin, a zuba a nata asusun fanshon.

Sai abubuwa uku da ba a so a bar wa "ai mun fahimci juna". Na ɗaya, idan ɗaya ba ta da lafiya ko ta tafi hutun haihuwa, za a fara tambayar ɗayar ko za ta riƙe, tana da damar cewa a'a, idan ta riƙe kuma a biya ta kwanakin. Na biyu, giɓin kuɗi yana kan wadda ya faru a hannunta, gwargwadon sa hannun da ke littafi. Na uku, abin da zai faru idan ɗaya ta bar aiki, wanda zan zo kansa a ƙarshe.

Mataki na biyar: littafin miƙa aiki

Ku sayi babban littafi mai bango mai tauri, ku sa wa shafukansa lamba da biro daga farko har ƙarshe domin kada a yage wani ba a sani ba. Littafin ofis ne, a ofis yake kwana, a cikin durowa mai makulli, saboda yana ɗauke da sirrin bashin mutane. Saƙon murya a WhatsApp yana da amfani don tunatarwa, amma ba ya maye gurbin littafi. Ba a sa masa hannu, ba a iya nemo shi cikin gaggawa uba na tsaye a gabanki, kuma ranar da waya ta faɗa ruwa ya tafi.

Kowace miƙawa ta ɗauki shafi biyu masu kallon juna. Na hagu na kuɗi ne: lambar rasit na farko da na ƙarshe da aka rubuta, jimlar tsabar kuɗi, jimlar abin da ya shigo ta na'urar kati da ta taransfa, abin da aka kai banki, abin da aka kashe, da abin da ya rage a akwati. Na dama na maganganun da ba su ƙare ba.

Shafin daman shi ne inda ake gane ƙwararriya. Dubi wannan rubutu: "Baban yaron aji huɗu ya zo kan maganar kuɗi, zai dawo." Wadda ta karɓi aiki ba za ta iya komai da shi ba. Wane yaro? Nawa ake bi? Me aka ce masa? Ga yadda ya kamata ya zama: sunan yaro da ajinsa, sannan "ana bin 45,000, ya biya 25,000 Talata, rasit 0425, saura 20,000. Ya ce zai kawo Alhamis. Mai makaranta ya amince da bakinsa kada a kori yaron kafin Juma'a, na sanar da malamin aji. Idan bai zo Alhamis ba, ki kira shi da layin ofis kafin a tashi." Abu huɗu ke ciki: halin da ake ciki, alƙawarin da aka yi da wanda ya ba da izininsa, abin da za a yi gaba, da ranar yin sa. Duk maganar da ta rasa ɗaya daga cikin huɗun nan ba a miƙa ta ba tukuna.

A rubuta abu a lokacin da ya faru. Wadda ta bari sai safiyar Laraba za ta tuna manyan abubuwa ta manta ƙanana, alhali ƙananan ne ke jawo faɗa: uwar da aka ce ta dawo ta canza rigar da ta yi wa ɗiyarta kaɗan, direban da aka ba kuɗin mai bai kawo rasit ba, malamin da ya karɓi wani abu daga albashinsa kafin wata ya ƙare. Maganar da ta ƙare a ja mata layi ɗaya yadda za a iya karanta ta, a sa kwanan wata. Wadda ba ta ƙare ba a sake kwafe ta a sabon shafi. Idan kun ga kun kwafe magana ɗaya sau uku, ta fi ƙarfin ofishinku, ku kai wa mai makaranta.

Mataki na shida: awar Laraba

Ku rufe tagar karɓar kuɗi na wannan awar, ku liƙa sanarwa tun farkon zango cewa ofis ba ya karɓar kuɗi daga 9:30 zuwa 10:30 ranar Laraba. Idan ba a yi haka ba, za ku kai tsakiyar ƙirga wani ya miƙo dubu biyar ta taga, lissafi ya rikice.

A fara da kuɗi. Mai karɓa ce ke ƙirgawa da hannunta, mai miƙawa tana kallo. Ga misali da adadinsa. Ranar Litinin ta farko ta tarar da naira 10,000 na canji a akwati. Daga rasit 0412 zuwa 0431 ta rubuta tsabar kuɗi na naira 186,000. Ta kai 150,000 banki ranar Talata, takardar bankin tana maƙale a littafi. Ta fitar da 6,500 na alli da man janareta, da takardar da shugaban makaranta ya sa wa hannu. Abin da ya kamata a tarar shi ne 10,000 a haɗa da 186,000, a cire 150,000, a cire 6,500, ya rage 39,500. Mai karɓa ta ƙirga ta samu 34,500. Babu dubu biyar.

A nan ba a sa hannu, ba a kuma cewa "bar shi, zan cike daga jakata". Cikewa daga aljihu yana rufe kuskuren ba tare da an san inda yake ba, kuma mako mai zuwa zai dawo. A sake ƙirgawa sau ɗaya. Idan giɓin yana nan, a ɗauki kwafin rasit ɗaya bayan ɗaya a gwada da littafin kuɗi da kuma bayanan asusun makaranta. Giɓin da ya zo cif-cif kamar 5,000 ko 10,000 yawanci rubutu ne ya kauce. Wanda ya zo kamar 350 ko 700 yawanci canji ne aka bayar ba daidai ba. A misalinmu, da aka kai rasit 0425 sai aka ga an rubuta 25,000 tsaba, alhali uban ya ba da 20,000 a hannu ya tura 5,000 ta banki, ga shi kuwa ya shiga asusu ranar Talata. Mai miƙawa ta gyara littafin da hannunta, ta rubuta dalili a gefe, sannan su biyu suka sa hannu a kan 34,500.

Idan awar ta ƙare ba a gano ba, a rubuta ainihin abin da aka ƙirga da adadin giɓin, su biyu su sa hannu a kan haka, a sanar da shugaban makaranta a ranar. Mai karɓa ta fara nata lissafin daga abin da ta ƙirga. Wannan sa hannun shi ne katangar da ke tsakanin nauyin wannan da na waccan, kuma yana kare mai gaskiya fiye da rantsuwa. Idan har an kai ga cire wa mutum daga albashi, Dokar Ƙwadago ba ta bari jimlar abin da za a cire a wata ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba.

Bayan tsabar kuɗi sai taransfa. Ku tsayar da doka ɗaya ku biyu: ba a rubuta rasit a kan hoton da uba ya nuna a wayarsa, sai an ga kuɗin a asusun makaranta. Alat na bogi ya yi yawa, kuma ko na gaskiya ne wani lokaci kuɗin kan maƙale ya koma wa mai shi. Duk taransfar da ba ta shigo ba kafin Laraba ta shiga shafin dama da sunan mai turowa, adadi, banki da lokaci. Haɗarin da ke tattare da mutum biyu a nan shi ne a rubuta rasit biyu a kan kuɗi ɗaya: ta farko ta rubuta, uwar yaron ta zo Alhamis da hoton nan dai, ta biyu ta sake rubutawa. Maganinsa a riƙa rubuta lambar rasit a gefen kowace shigowa a takardar bayanan banki, duk wadda ke da lamba an gama da ita.

Sai shafin dama. Mai karɓa ce za ta karanta shi da ƙarfi, layi bayan layi, ta faɗi abin da ta fahimta za ta yi. Idan mai miƙawa ce ke karantawa, ɗayar za ta yi ta gyaɗa kai ne kawai, sai Alhamis ta gano ba ta gane ba. Tambayar da za a rufe da ita kullum ita ce: "Akwai wanda kika yi wa alƙawarin da ba ya cikin littafin nan?" Sau da yawa a nan ne za ki ji "Af, Yaya, na manta, mai kawo littattafai ya ce zai zo Juma'a da safe karɓar cikon kuɗinsa."

Daga ƙarshe a miƙa kaya hannu da hannu: makullin akwati, littafin rasit da ake ciki, hatimi, wayar ofis da cajarta, na'urar kati bayan an fitar da takardar jimlarta. Makullin akwatin kuɗi guda ɗaya ne ke yawo tsakaninku, na ajiya yana wurin mai makaranta a cikin ambulan da aka liƙe. Idan kowace tana da nata makullin, sa hannun da kuka yi bai da sauran ma'ana. Idan ofishin yana aiki da kwamfuta, kowace ta samu nata sunan shiga da lambar sirri, domin a san wadda ta shigar da kowane abu.

Mataki na bakwai: magana da baki ɗaya

Iyaye za su gwada ku, ba don mugunta ba, don kowa yana neman sauƙi. Za ki ji "Malama, ai waccan ta ce in kawo rabi ya isa." Kada ki ƙaryata shi, kada kuma ki ce 'yar uwarki ta yi kuskure. Buɗe littafi a gabansa. Idan maganar tana ciki, ki cika ta ko da ke ba haka za ki yanke ba, ku tattauna a tsakaninku daga baya. Idan ba ta ciki, ki ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ban ga an rubuta ba, bari in tabbatar, zan kira ka kafin la'asar." Tun farko ku amince cewa rangwame da ɗaga wa'adin biya ikon mai makaranta ne, ku rubutawa kawai kuke yi. Da zarar an san ɗaya tana da sassauci ɗaya tana da tsanani, masu bashi duk za su koma zuwa a ranakun mai sassaucin.

Ku ba iyaye lambar ofis kaɗai. Ku kuma yanke abin da ya isa a kira wadda ke gida a kansa: giɓin kuɗi, ko magana mai wa'adin yau da ba a gane rubutunta ba. Sauran su jira. Wadda ta karɓi rabin albashi don ta samu kwana biyu na jinyar mahaifiyarta, idan wayarta ba ta daina ƙara ba a kwanakin nan, cikakken aiki take yi a rabin kuɗi. Shi ma mai makaranta a roƙe shi ya riƙa ba da umarni ga wadda ke kan kujera, ita kuma ta sa a littafi nan take. Taron ma'aikata kuma a riƙa sauya ranarsa ko a ɗora shi kan Laraba, kada ya zama mutum ɗaya ce kullum ake gani ɗayar ta zama baƙuwa.

Mataki na takwas: duba tsarin, da ranar rabuwa

A ƙarshen zangon gwaji ku zauna ku uku da littafin. Alamomin matsala a bayyane suke: awar Laraba tana kaiwa awa biyu, kira a ranar hutu ya zama na kullum, iyaye sun fara cewa "zan jira waccan", ko shafin ɗaya cike yake na ɗayar layi biyu ne. Awar da ke tsawo tana nuna ba a rubutu a kan lokaci. Iyayen da ke zaɓe suna nuna dokokinku sun bambanta. Aikin ƙarshen wata da ke faɗawa kan mutum ɗaya kullum yana nuna rabon mataki na farko yana bukatar gyara.

Ranar da ɗaya za ta tafi kuwa, abin da aka rubuta tun farko shi za a bi. Tsarin da ya fi adalci shi ne a fara yi wa wadda ta rage tayin cikakkiyar kujerar. Idan ba za ta iya ba, a ba da wa'adi sananne, misali makonni shida, a nemo sabuwar abokiya tare da ita, tana ci gaba da kwanakinta, sauran kwanakin kuma makaranta ta san yadda za ta rufe su. Mai tafiya ta ba da sanarwa gwargwadon takardarta. Dokar Ƙwadago ta sa mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya kai shekara biyu bai kai biyar ba, amma a ofishin kuɗi ku nemi a rubuta wata guda, domin a samu ƙarshen wata ɗaya a ciki. Sabuwar da za ta shigo ta zauna mako guda tare da mai tafiya, ta karanta shafukan dama na zangon da ya wuce gaba ɗaya, ta ga yadda ake haɗa aikin ƙarshen watan da zai koma hannunta. Kafin a ba ta makulli a canza lambar sirrin kwamfuta da ta wayar ofis, a cire sunan mai tafiya daga masu karɓar alat na asusun makaranta, a yi ƙirga ta ƙarshe gaban shugaban makaranta da sa hannun mutum uku.